Fitilar kilim ɗinmu tana ƙiftawa sau biyu, an zuba gas har sau biyu bai daina ba

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga unguwar Yelwa a nan Garwa. Maigidana direban babbar mota ne, yana hanyar Kusiri da Njamena, ni ce nake kula da mahaifiyarsa wadda ta manyanta, kuma zafi yana wahalar da ita ƙwarai. Bara ya saka mata kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wanda ake ce wa imbata. Sunan da ke jikinsa ba sananne ba ne, takardarsa kuma ta ɓace. Tun farkon watan Maris, da safe yana sanyi lafiya lau, amma da zarar an yi magariba sai sanyin ya ɗauke, fitilar da aka rubuta wa OPERATION ta riƙa ƙiftawa sau biyu, ta tsaya, ta sake. Akwai wata fitilar kusa da ita mai suna TIMER, ita ma kamar tana motsi, amma ban lura da kyau ba. Mai gyara ya zo sau biyu, kowane zuwa ya ce gas ne ya ƙare, na biya sefa 15,000 sau biyu. Yaron maƙwabciyata ya duba a waya ya ce ƙiftawa biyu E1 ke nan, wai katin lantarkin da ke cikin na'urar ne ya ƙone, domin nasu ma E1 ya nuna. Maigida ya fara ganin kamar ni ce nake ɓarnar kuɗi. Me fitilar nan take nufi? Gas ne ko kati? Kuma akwai haɗari idan muka ci gaba da kashewa muna kunnawa?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan hidimar da kike yi wa Inna, ya kuma ƙara mata lafiya. Kafin ki sake fitar da ko sefa ɗaya, ina so ki ba fitilar nan ta biyu daren yau, domin a wurinta amsar take, kuma ita ce wadda duk waɗanda suka ba ki shawara suka tsallake.

Na'urar da ba ta da allon nuna lamba da fitilu take magana, kuma sau da yawa fitila ɗaya rabin magana ce. Ba ni da na'urarki a gabana, amma sunayen fitilun biyu da yadda suke aiki sun yi kama da tsarin da kamfanin Midea yake amfani da shi a imbata masu yawa, kuma masana'antar tana ƙera na'urori da ake sayarwa da wasu sunaye dabam a kasuwanninmu. A jadawalin wannan gidan, ƙiftawa biyu na fitilar OPERATION yana da ma'ana uku, kuma fitilar TIMER ce take raba su. Idan TIMER a mace take, lambar ita ce E1, wato kan da ke cikin ɗaki da injin da ke waje sun daina jin juna. Idan tana kunne cak ba ta motsi, lambar F1 ce, wato ɗan abin da ke auna zafin iskar waje ya samu matsala. Idan kuwa ita ma ƙiftawa take yi, lambar P1 ce, kuma ma'anarta ƙarfin wutar da ke shigowa ya yi ƙasa ko ya yi sama fiye da abin da na'urar za ta iya ɗauka, sai ta tsayar da kanta don kada ta lalace. Ki lura cewa a cikin ukun nan babu wadda take nufin gas. A wannan jadawalin, alamar zubar gas ƙiftawa bakwai ce tare da TIMER a mace, kuma a na'urar da take da allo EC take rubutawa.

Saboda haka abin da za ki yi yau da magariba shi ne ki tsaya a gaban na'urar da wayarki, ki ɗauki bidiyon fitilun biyu tare na tsawon minti ɗaya cur, ki rage hasken ɗakin domin su fito sosai. Ido yana ruɗuwa wajen ƙirga, musamman idan mutum yana cikin damuwa kuma tsohuwa tana ƙorafin zafi a gefe, amma bidiyo za ki iya maimaita shi sau goma, za ki kuma iya tura wa maigida a hanya ya gani da idonsa. Ana fara ƙirgan ne bayan doguwar tsayawar da fitilar take yi, a ƙirga har zuwa tsayawa ta gaba, a maimaita sau uku a tabbatar adadin bai sauya ba. Ki rubuta ƙarfe nawa abin ya faru, da abubuwan da ke kunne a gidan a lokacin. Wannan duka kafin ki taɓa makunni, domin da zarar an yanke wuta alamar takan goge, mai gyara ya zo da safe ya tarar da na'ura tana aiki ƙalau, shi kuma ba ya son ya koma hannu wofi, sai ya faɗi abin da ya fi sauƙin sayarwa.

Sai kuma mu tabbatar da gidan da na'urar ta fito, tunda jadawalin da na ambata ba zai yi miki amfani ba idan ta wani gida ce. A gefen dama na kan ciki, ko a ƙarƙashinsa, akwai farar takarda manne mai ɗauke da lambar samfuri, irinta kuma tana jikin injin waje, ki ɗauki hoton duka biyun. Akwai wata dabara da masu sana'a suka sani: ki juya bayan rimot, idan dai shi ne na asali wanda ya zo cikin kwali. Rimot ɗin gidan Midea lambarsa takan fara da RG, kamar RG57, na gidan Gree kuma takan fara da Y, kamar YB1FA ko YAN1F1. Yayin da rimot ɗin yake hannunki, ki nemi maɓallin da aka rubuta wa LED ko LIGHT ki danna shi, domin wasu na'urorin suna da allo a ɓoye a bayan farar robar gaba, wanda ba a ganinsa sai ya kunna, kuma na sha zuwa gidan da yaro ya kashe shi da wasa aka shekara ba a san da shi ba.

Game da maganar yaron maƙwabta, bai yi ƙarya ba, amma ya auna ku da mudun da ba naku ba. Kamfanonin nan ba su taɓa haɗuwa sun yarda da lamba ɗaya ba, kowa da yarensa. E1 a imbatar Midea yankewar magana ce tsakanin ciki da waje, amma E1 ɗin nan a na'urar Gree tana nufin matsin gas ya yi yawa a ɓangaren waje, abin da a ƙasarmu ya fi faruwa idan ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin injin waje sannan zafin Afrilu ya same shi a haka. Ita kuwa yankewar maganar, Gree E6 take ce mata, LG ta ce CH05, Daikin ta ce U4, Panasonic kuma H11. Har a cikin gida ɗaya lambobin suna sauyawa da zamani, domin sababbin na'urorin Midea EL 01 suke rubutawa a maimakon E1, su rubuta PC 01 a maimakon P1. To idan maƙwabciyarki na'urarta ta wani gida ce, E1 ɗinta da ƙiftawarki suna ne kawai ya zo ɗaya, kamar Amadun kasuwa da Amadun masallaci. Bayan haka, lamba ba ta taɓa cewa a sayi kaza. Abin da na'urar ta ji a jikinta take faɗa, wato ban ji ɗan'uwana na waje ba, ko wuta ta yi mini kaɗan, sai mai gyara ya bi sawu ya gano dalili. Wanda ya ga lamba ya ce kati tun bai ciro abin awo daga jaka ba, ya tsallake aikin da aka kira shi ya yi.

Ni dai zatona ya fi karkata ga P1, kuma lokacin da abin yake faruwa ne ya kai ni can. Waya da ɓera ya gutsire ba ta san magariba ba, abin auna zafi da ya mutu ma ba ya farfaɗowa da asuba, gas ɗin da ya zube kuwa ba ya dawowa cikin bututu don gari ya waye. Abin da yake bin agogo a gidajenmu shi ne wuta. Da magariba kowa ya dawo gida, fankoki da talabijin da firji da dutsen guga duk sun hau layi ɗaya, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, shi ne lokacin da ruwan madatsar Lagdo, wadda arewacin ƙasar nan ta daɗe tana dogara da ita, yake ja da baya. Wutar da ya kamata ta zo a bolt 220 sai ta iso ƙarshen layi a gajiye. Takardar jikin na'urarki za ki ga an rubuta 220-240V, kuma abin da aka saba ɗauka a matsayin lafiya shi ne kada a kauce wa 220 da fiye da kashi 10 cikin 100, wato tsakanin 198 da 242. Imbata tana jure ƙasa da haka, wasu ma sosai, amma kowace da iyakarta. Dalilin tsayawar kuwa a fili yake: na'ura irin taki tana cin abin da ya kai wat 1,200 idan tana aiki da ƙarfi, wanda a bolt 220 amfa 5 da rabi ne, amma idan wuta ta sauka zuwa 170 sai ta ja amfa 7 kafin ta yi aikin nan ɗaya, kuma ƙarin nan zafi yake zama a cikin kati da kwamfiresa, wato injin da yake matsa gas. Tsayawar da take yi ba lalacewa ba ce, kare kanta take yi.

Ke da kanki za ki iya ganin shaida ba tare da kayan aiki ba. Ki lura ko a daidai wannan lokacin fankar sama tana rage gudu, ko ƙwan fitila yana dusashewa idan firji ya tashi, ki kuma tambayi maƙwabta ko suna ganin haka. Amma shaidar da za a yanke hukunci da ita awo ne, kuma dole mai aikin wuta ya zo a lokacin da matsalar take faruwa, ba da hantsi ba. Ki ce masa ya auna a wuri biyu yayin da injin waje yake aiki: a bakin mitar gidan, da kuma a inda wayar take shiga na'urar. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne zai nuna ko laifin daga waje yake ko daga cikin gida.

Bari in ba ki misalin wani gida da na je a bazarar da ta wuce, domin ki ga yadda ake karanta awon. Da ƙarfe 8 na safe na sami bolt 221 a mita, na'ura tana sanyi har mai gidan yana jin kunyar kiran da ya yi mini. Na ce masa zan dawo bayan sallar magariba. Da na dawo, mita tana nuna 185, amma a bakin na'urar 169 na samu, kuma duk lokacin da firizar matarsa ta tashi sai awon ya faɗa ƙasa da 160 na ɗan lokaci, nan take fitilu biyu suka fara ƙiftawa. Bolt 16 ke nan suke ɓacewa a cikin gidan kansa. Da muka bi wayar, sai muka tarar siririya ce mai kaurin milimita 1.5, an ja ta kusan mita 40 daga zaure zuwa ɗakin baya, kuma a kanta aka ɗora firiza da soket ɗin da ake guga. A cikin silin kuma akwai wurin da aka murɗa wayoyi biyu da hannu aka naɗe da salatif, salatif ɗin ya narke ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙonanniyar roba. Muka ja wa na'urar layinta ita kaɗai tun daga allon rabon wuta, da wayar tagulla mai milimita 2.5 da dijontar ɗinta na amfa 16, wato makunnin da yake yanke wuta da kansa idan kaya ya yi wa layi yawa, sai awon magariba ya koma 181 a bakin na'ura. Tsayawar ta ragu ƙwarai amma ba ta ƙare ba, domin abin da yake shigowa daga titi ma ya gaza, sai da aka ƙara na'urar daidaita wuta, wadda muke ce wa regilatar, 'yan Najeriya kuma su ce sitabilaiza, sannan aka huta. Wannan gidan ma an riga an zuba masa gas kafin in zo.

Tsarin da na bi a can shi nake ba ki shawara ki bi, wato a gyara wayar gida tukuna idan awo ya nuna ana asarar fiye da bolt 8 ko 10 tsakanin mita da na'ura, sannan a yi maganar regilatar. Wanda ya ɗora regilatar a kan siririyar waya mai ruɓaɓɓen haɗi ya ƙara wa wayar kaya ne, domin regilatar ba ya ƙirƙiro wuta, ƙarin amfa yake ja daga layi ya ɗaga bolt da shi, kuma haɗin nan da yake zafi zai ƙara zafi a cikin silin da yake cike da busasshen katako. Idan an zo saye, kada a sayi ƙarami irin na talabijin. Ga na'urar doki ɗaya da rabi ba na yarda da ƙasa da wanda aka rubuta wa 3000VA, kuma a unguwar da wuta take sauka sosai na fi son 5000VA, saboda ƙarfin da aka rubuta a kwali yana raguwa yayin da wutar shigowa take ƙasa. A duba jikinsa a ga mafi ƙarancin bolt ɗin da yake karɓa, a gwada da abin da aka auna a mitarku, kuma a zaɓi mai maɓallin jinkiri, wanda idan wuta ta ɗauke ta dawo yake dakatawa 'yan mintoci kafin ya saki.

Akwai fuska ɗaya ta P1 da nake so ki riƙe da kyau, domin ita ce mai haɗari. Lambar ba ta bambance ƙarancin wuta da yawanta. Idan kika ga ƙwayayen fitila suna haske fiye da yadda kika saba, fanka tana gudu kamar za ta tsinke, caja ko ƙwai suna ƙonewa, ko kuma wani ɗaki ya yi haske ƙwarai wani ya dusashe a lokaci guda, to mai yiwuwa wayar nitiral ce ta saki a mita ko a kan sanda, kuma a irin wannan hali wuta tana iya haurawa nesa da 250. Nan ba a jiran gobe, a sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, a kira mai aikin wuta.

Idan bidiyon ya nuna TIMER a mace take, to E1 ce da gaske, amma ko a nan ma kati shi ne na ƙarshe a layin tuhuma. Tsakanin kan ciki da injin waje akwai igiyar wayoyi, ɗaya daga cikinsu, wadda galibi ake yi wa alamar S, ita ce take kai saƙo, kuma abin da ya fi yawa shi ne dunƙulen da ya riƙe ta ya saki, ko tsatsa ta ci bakinta, ko ɓera ya gutsire ta, ko an yi mata haɗi a tsakiya rana ta cinye salatif ɗin. Mai gyara zai yanke wuta, ya duba bakin wayoyin a gefen biyu, ya tabbatar kowace tana kan lambarta, ya gwada ko saƙo yana wucewa daga wannan kai zuwa wancan, sannan ya buɗe injin waje, inda ba sau ɗaya ba na tarar da tsaka ta bushe a kan kati ta haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Idan kuwa TIMER tana kunne cak, to kin yi sa'a, domin abin auna zafin waje ɗan ƙaramin abu ne mai waya biyu, yana cikin mafi arha a jikin na'urar. Ana cire shi a auna, lafiyayye a na'urar gidan Midea yana ba da kilo'om 10 a digiri 25, a zafin digiri 40 kuma kusan rabin haka, wanda ya mutu kuwa ko dai ya nuna sifili ko ya ƙi nuna komai.

Maganar gas ɗin ce ta fi damuna, ba don kuɗin kaɗai ba. Gas ɗin kilim ba kamar na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare, a rufe yake cikin bututu yana zagayawa, kuma na'urar da aka haɗa da kyau tana iya shekaru ba a ƙara mata ko giram ɗaya ba. Idan ya ragu, to akwai inda yake fita, kuma wurin yana barin alama: maiƙo a kan ƙwayoyin tagullar da suka ɗaure bututu a gefen injin waje, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi, ƙanƙara a kan siririn bututu, da sanyi mai rauni safe da rana da dare ba tare da zaɓen lokaci ba. Mai gyaran ƙwarai kumfar sabulu yake shafawa ya nemo wurin, ya gyara bakin bututun, ya zuƙe iskar ciki da famfonta, sannan ya ɗora tukunyar gas a kan sikeli ya zuba daidai nauyin da aka rubuta a takardar injin waje. Idan na'urarki ba ta rasa gas ba tun farko, kuma aka ƙara mata sau biyu, to yanzu ciki ya yi mata yawa, matsi ya hau, kwamfiresa yana jan wuta fiye da da, a daidai lokacin da wutar take ƙaranci, wato an ƙara wa Barno dawaki. Ki kuma tambaya wane gas aka zuba, domin takardar za ta nuna R410A ko R32 ko R22, kuma ba a gauraya su. Duk wanda zai zo nan gaba ki gaya masa an ƙara gas sau biyu, domin ya auna matsi da amfar da injin yake ja, idan ya ga sun wuce abin da aka rubuta, gyaran shi ne a kwashe a sake zubawa bisa sikeli.

Kashewa da kunnawa kuwa, sau ɗaya ba laifi, bayan kin ɗauki bidiyo. Ki kashe da rimot, ki sauke dijontar, ki jira minti 5, ki mayar, sannan ki kunna. Kada ki tsorata idan injin waje bai tashi nan take ba, domin an tsara shi ya jira kimanin minti 3 har matsin gas ya daidaita, kuma mutane da yawa wannan jiran suke ɗauka a matsayin lalacewa su yi ta danna maɓalli. Idan alamar ta dawo a daren, ki bar ta haka. Maimaitawa sau biyar ko shida a dare ɗaya tilasta wa na'ura ne ta yi abin da ta ce ba za ta iya ba, kuma ta wannan hanyar ce katin da yake lafiya yake ƙonewa da gaske. Idan kika ji warin ƙuna, ko dijontar yana faɗuwa da kansa, ko soket ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, kada ma a gwada sau ɗayan. Kuma ina roƙonki kada a bar yaron maƙwabta ko wani mai karambani ya kwance murfin injin waje, domin a cikin katin imbata akwai manyan kwandansa da suke riƙe wutar da ta haura bolt 300 har bayan an yanke wuta da mintoci. Abin da yake naki a jikin na'urar shi ne ragar tace ƙura da ke bayan murfin gaba, ki zare ta ki wanke da ruwa duk mako biyu a wannan lokaci na ƙura, ta bushe a inuwa kafin a mayar. Idan allon ya kunna wata rana kika ga CL yana ƙiftawa, a na'urorin gidan Midea tunatarwar wanke ragar ce kawai.

Kafin a kammala gyara, Inna ba za ta jira ba, don haka ki yi amfani da lokacin da wutar take da ƙarfi. Ki kunna na'urar tun la'asar, ƙofa da taga a rufe, labule a sauke, ki sa ta a digiri 25 ko 26, domin ɗakin da bangonsa ya riga ya huce ba ya sa kwamfiresa gudu da ƙarfi, kuma imbatar da take tafiya a hankali ba ta jan amfa da yawa, sau da yawa takan tsallake magariba ba ta tsaya ba. Sa ta a 16 da zarar an shigo daga zafi shi ne yake sa ta jan wuta iya ƙarfinta a mafi munin lokaci. Daga magariba zuwa wajen ƙarfe 10 a dakatar da guga da hitar ruwa, idan kuma ta tsaya duk da haka, a kunna fanka, a ba Inna ruwa a kai a kai ko ba ta nema ba, a sake gwada na'urar idan dare ya yi unguwa ta yi shiru.

Shi kuwa maigida, kada ki tsaya dogon bayani a waya alhali yana kan tuƙi ga gajiya. Ki tura masa bidiyon da hotunan takardun biyu, idan an yi awon kuma ki sa mai aikin ya rubuta miki lambobin a takarda da lokacin da ya auna, ki ɗauki hotonta ki tura, ki bar shi ya zaɓi wanda zai yi aikin wayar a cikin mutanen da ya yarda da su. Kuɗin gas ɗin ba sakacinki ba ne, wanda aka kira a matsayin masani ne ya faɗa kika bi. Idan kina da hali, ki turo mini bidiyon da lambar samfurin da abin da aka rubuta a bayan rimot, zan duba in gaya miki ko jadawalin da na yi amfani da shi naku ne, kafin mai aikin wuta ya zo.